Sarrafa Bambaro da Kara da Takin Yuriya Don Ciyar da Dabbobi Masu Tuƙa: Tambayoyi da Amsoshi

Daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, abin da yawancin shanu da tumaki ke samu a ƙasar Hausa shi ne busasshen kara da bambaron shinkafa, kuma duk mai kiwo ya san yadda dabba ke cika ciki da su amma tana ramewa. Akwai hanyar da ake jiƙa wannan busasshen abinci da ruwan takin yuriya, a rufe shi na wasu makonni, ya fito da laushi da ƙarin amfani. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga bambaron shinkafa da karan dawa, domin su ne suka fi yawa a hannun manomanmu.

Me ya sa dabba ke ramewa alhali tana cin kara har ta ƙoshi?

Saniya ba ita ke narkar da kara da kanta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ido ba ya gani, su ne ke cin karan, su mai da shi abin da jikin dabbar zai iya sha. Waɗannan halittu suna buƙatar sinadarin naitirojin kafin su hayayyafa, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon saurin narkewar abinci. Daga furotin ɗin abinci suke samun naitirojin ɗin, saboda haka domin su yi aiki sosai, ana son furotin ɗin abincin ya kai wajen kashi 7 cikin 100, amma bambaron shinkafa da busasshen kara ba su cika wuce kashi 3 zuwa 4 ba.

Matsala ta biyu ita ce taurin da tsiro ke yi idan ya tsufa. Bayan an yi girbi, zaren da ke cikin kara ya riga ya ɗaure da wani sinadari mai tauri da ake kira liginin, wanda halittun tumbi ba sa iya fasawa. Saboda haka abin da dabba ke narkarwa daga bambaro bai cika kai rabi ba, saura kuma ya daɗe a tumbi yana tare wuri. Tumbi a cike, dabba ba ta jin yunwa, amma abin da ya shiga jininta bai isa ya riƙe ta ba, sai ta koma cin kitsenta da tsokarta. Wannan ita ce ramar bazara.

To, me yuriya ke yi wa bambaron?

Idan aka narkar da yuriya a ruwa aka zuba wa bambaro, wani sinadari da ke jikin bambaron da ƙurar da ke tare da shi, mai suna yuriyes, yakan farfasa yuriyar ta koma iskar amoniya. Ita ce iskar nan mai wari da ke sa ido hawaye. Idan an rufe wurin ruf, iskar ba ta da hanyar fita, sai ta ratsa cikin zaren bambaron, ta sassauta ɗaurin da ke tsakanin liginin da sauran zaren, har zaren ya kumbura ya yi laushi. Daga nan halittun tumbi sukan sami ƙofar shiga.

Riba biyu ake samu a lokaci guda. Ta farko, narkewar abincin takan ƙaru da kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wato abin da ake narkar da kashi 45 nasa yakan kai 50 zuwa 55. Ta biyu, wani ɓangare na naitirojin ɗin da ke cikin amoniyar yakan manne a jikin bambaron, furotin ya tashi daga kashi 3 ko 4 zuwa wajen 7 ko 9. Da yake abincin yana saurin barin tumbi, dabba takan ƙara yawan abin da take ci a yini, kuma a gaskiya wannan ƙarin cin yana daga cikin manyan dalilan da ke sa a ga canji a jikinta.

Yana da kyau a fahimci cewa amoniyar ce ke aikin, ba ƙwayar takin ba. Duk ƙa'idojin da za su biyo baya, na ruwa da rufi da kwanaki, manufarsu ɗaya ce: yuriya ta juye ta zama amoniya gaba ɗaya, amoniyar kuma ta zauna a cikin bambaron har ta gama aikinta.

Shin takin da ake zuba wa masara ne, ko akwai wata yuriya ta dabbobi?

Shi ne dai farin takin nan mai ƙananan ƙwayoyi da ake sayarwa a buhu mai kilo 50, wanda aka rubuta kashi 46 na naitirojin a jikinsa. Abin da za a kiyaye shi ne kada a ɗauko kamfa ko wani gaurayayyen taki a madadinsa, domin kamfa ba ya wannan aiki kuma yana iya cutar da dabba. Yuriya tsantsa tana narkewa sarai a ruwa, kuma ruwan yakan yi sanyi yayin da take narkewa. Idan aka dama aka ga yashi ko wani gari ya kwanta a gindin bokiti da yawa, to takin an yi masa algus, kuma awon da za a yi da shi ba zai zama daidai ba.

Nawa ake zubawa?

Awon da aka fi amfani da shi shi ne kilo 4 zuwa 5 na yuriya ga kowane kilo 100 na busasshen bambaro, a narkar a cikin ruwa lita 50 ko ɗan fiye da haka. Mafi sauƙin riƙewa a ka shi ne 5, 50, 100: yuriya kilo 5, ruwa lita 50, bambaro kilo 100. Ruwan nan jarka biyu ne masu lita 25. Da wannan lissafi, buhun yuriya guda zai sarrafa tan ɗaya na bambaro.

Idan aka rage yuriya ƙasa da kilo 3, amoniyar ba ta isa ta sassauta zaren ba, kuma ba ta isa ta hana fumfuna ba, sai a tashi da jiƙaƙƙen bambaro mai ruɓewa. Idan aka wuce kilo 6, ba a samun ƙarin amfanin da ya kai kuɗin takin, ga kuma haɗarin saura yuriyar da ba ta juye ba. Ruwa ma haka yake. Idan ya yi kaɗan, yuriyar ba za ta juye ba, sai ta bushe a jikin bambaron kamar farin gari, kuma wannan shi ne abin tsoro ga dabba. Idan ya yi yawa, sai ya tsiyaye zuwa ƙasan rami da takin a cikinsa, na sama ya rasa, na ƙasa ya jagwalgwale. Gwajin hannu yana taimakawa: a damƙi bambaron bayan an yayyafa, a matse, ya kamata tafin hannu ya jiƙe, amma ruwa ba ya ɗiga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna bambaro da ido. Bambaro abu ne mai cika wuri ba nauyi, kuma mutum yakan ga tari ya ce ya kai kilo 100 alhali bai wuce 60 ba. Hanyar da ta dace ita ce a sami sikelin ratayawa, a auna dami uku ko huɗu ko cikin buhu uku ko huɗu, a san matsakaicin nauyin kowane, sannan a ci gaba da ƙirga dami. Takin ma a auna shi sau ɗaya da sikeli, a zuba a kwano ko gwangwani, a yi wa wurin da ya tsaya alama, ta yadda ko yaro aka sa aikin ba zai ɓata awo ba.

A ina ake yin aikin, kuma yaya ake yinsa daki-daki?

Kowane wuri da za a iya toshe iska zai yi: rami a wuri mai tudu, ɗaki na bulo ko na tubali da ba shi da taga, tsohon rumbun ƙasa, ko tari a ƙasa da aka lulluɓe da babbar leda. A Nijar an yi amfani da rumbuna da ginin laka wajen wannan aiki, domin leda tana da tsada kuma ba ta daɗewa a rana, kuma dabarar ta dace da kowane ƙauye da ya iya ginin ƙasa. Mai tumaki biyu ko uku yana iya amfani da duro ko manyan buhunan leda masu kauri.

Bari mu ɗauki manomin shinkafa a yankin Kura ko Haɗejiya, mai shanun huɗa biyu, kowane sa yana da nauyin kamar kilo 300, yana so ya riƙe su daga Maris zuwa Mayu domin su shiga huɗar farko da ƙarfinsu. Sa mai wannan nauyi zai ci kamar kilo 7 na bambaro a yini, idan an auna shi a bushe, wato kilo 14 ga su biyun. A mako uku za su cinye kusan kilo 300. Mako uku kuma shi ne lokacin da bambaro ke buƙata a rufe, saboda haka abin da ya dace da shi shi ne rami biyu a jere, ana ci daga ɗaya ɗayan yana nuna.

Zai haƙa kowane rami mita 2 a tsawo, mita 1.5 a faɗi, mita 1 a zurfi. Idan an tattake da kyau aka kuma ɗora tozo a sama, irin wannan rami zai ɗauki kusan kilo 300. Zai shimfiɗa leda a ƙasa da bango, ya bar ta ta zarto a gefe don a naɗo ta sama daga baya. Sai ya raba bambaron kashi shida, kowane kilo 50. Ga kowane kashi, zai narkar da yuriya kilo biyu da rabi a jarka guda mai lita 25, ya dama har ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Zai baza bambaron a rami, ya yayyafa ruwan da bokitin ban ruwan lambu mai ƙananan huji, yana juyawa don ko'ina ya samu, sannan mutum biyu ko uku su hau su tattake shi sosai, musamman kusurwoyi da jikin bango, inda iska ke ɓuya. Haka za a yi ta yi har kashi na shida. Gaba ɗaya ramin ya ci yuriya kilo 15 da ruwa jarka shida.

Da an gama, sai a naɗo ledar, a rufa wata a sama, a bi gefe da laka ko ƙasa a danne, a ɗora tsofaffin buhuna ko zana don rana kada ta ƙona ledar, sannan a aza duwatsu ko itace. Ya kamata a fara a gama a yini ɗaya, domin amoniya takan fara tashi tun a kwanakin farko, kuma ramin da ya kwana a buɗe ya fara asara. A rubuta ranar da aka rufe a jikin bango. Ranar da aka buɗe rami na farko, ko kafin nan da kwana ɗaya, sai a cika na biyu. Buhun yuriya guda zai yi wa wannan manomi cikon rami uku har da ragowar kilo 5, wato abincin wata biyu cur ga shanunsa biyu.

Kwana nawa ake bari a rufe?

Zafi ne ke hanzarta aikin. A bazara, lokacin da rana ke ƙuna, mako biyu kan isa, amma mako uku ya fi kwanciyar hankali. A tsakiyar hunturu, watannin Disamba da Janairu da dare ke sanyi, a bar shi mako huɗu zuwa biyar. Barin sa ya wuce lokacin ba ya ɓata shi muddin rufin bai huje ba, don amoniya tana hana fumfuna, har ana iya ajiye shi watanni a rufe. Buɗewa da wuri ita ce matsala, domin a lokacin akwai sauran yuriyar da ba ta juye ba.

Yaya za a gane cewa aikin ya yi kyau?

Alamomi uku ne, kuma ana son a same su tare. Da an ɗaga leda, warin amoniya zai bugi hanci har ido ya yi yaji. Rashin wannan wari yana nufin ko iska ta tsere ko yuriyar ba ta juye ba. Launin bambaron zai sauya daga fari-fari zuwa ruwan zuma ko ruwan ƙasa, kuma launin ya zama iri ɗaya a ko'ina. Sannan idan aka murza shi a hannu za a ji ya yi laushi, yana lanƙwasa ba ya karyewa.

Idan aka ga wani wuri ya yi duhu wani kuma yana nan da launinsa na da, yayyafin ne bai daidaita ba. Idan aka ga fumfuna fara ko baƙa ko kore, galibi a sama ko a gefe, iska ce ta shiga ta wurin. A kwashe wannan ɓangaren a kai shi juji don ya zama taki, kada a ba dabba. Idan ƙasan ramin ya yi baƙi ƙirin yana yauƙi da ɗoyi, ruwa ya yi yawa ko ya taru a gindi, shi ma a zubar. Idan kuwa bambaron ya fito a bushe, ba wari, ga farin gari a jikinsa, to wannan bai sarrafu ba ko kaɗan, kuma yuriyar tana nan yadda aka zuba ta. Irin wannan ana iya sake yayyafa masa ruwa zalla, a tattake, a sake rufewa na mako uku.

Gara da ɓera su ne manyan masu huda leda. Yana da kyau a riƙa zagaya ramin duk bayan kwana biyu ko uku. Idan ana jin warin amoniya daga waje, akwai ɓula, sai a nemo ta a toshe da laka.

Karan dawa da na gero da na masara fa?

Duk suna karɓar wannan aiki, amma sai an daddatsa su. Kara mai kauri ba ya tattakuwa, yana barin iska a tsakaninsa, yana kuma tsaga leda, ga shi ruwan takin ba ya ratsa ɓawonsa mai santsi. A sara shi da adda ko injin yankan kara zuwa tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, wato santimita 3 zuwa 5. Wannan saran shi ne aiki mafi wahala a duk lamarin, kuma shi ne ya sa mutane da dama suka fi son bambaron shinkafa ko na alkama, waɗanda ake zubawa yadda suke.

Amma saran yana da tasa ribar. Idan aka jefa wa shanu kara a tsaye, ganye da saman suke ci su bar sandar, kuma abin da ake sharewa da safe yakan yi yawa ƙwarai. Karan da aka sara aka sarrafa kuwa, kusan duka ake cinyewa. Mai kara da yawa yana iya ware gindin nan mai tauri don girki ko shinge, ya sarrafa daga tsakiya zuwa sama. Da yake ɓargon kara yana shan ruwa, ana iya ƙara ruwan zuwa lita 60 ko 70 ga kilo 100, yuriyar kuma ta tsaya a kilo 5.

Harawar wake da ta gyaɗa ba a sarrafa su. Furotin ɗinsu ya riga ya isa, narkewarsu kuma tana da kyau, saboda haka zuba musu yuriya ɓarnar taki ce. Haka nan ɗanyar ciyawa da duk wani abu mai zaƙi sosai, irin su takanɗa da rake, ba a haɗa su da amoniya, domin haɗuwar sukari da amoniya a cikin zafi tana iya haifar da wani sinadari da ke sa dabba firgita da dimuwa.

Yaya ake fara ba dabba?

A buɗe ramin ta gefe guda, a ɗebi na yini ɗaya, a mayar da rufin nan take. Abin da aka ɗebo a baza shi a inuwa ya sha iska, na safe tun daren jiya, na yamma tun safe, har zafin warin ya tafi. Dabbar da ba ta saba ba takan sunsuna ta ja baya, kuma wannan ba alamar cewa abincin ya lalace ba ne. A kwana uku ko huɗu na farko a gauraya kashi ɗaya na sarrafaffe da kashi uku na wanda ta saba, sannan a koma rabi da rabi, ana ƙarawa a hankali har a kai ga sarrafaffe zalla cikin kwana 10 zuwa 14. Barbaɗa ɗan dusa da gishiri a kai yana sa ta karɓa da wuri. Wannan jinkirin yana ba halittun tumbi damar sabawa da yawan naitirojin, kuma idan aka katse ciyarwar na mako guda ko fiye, sai a sake farawa daga ƙasa.

Dabba mai cin wannan abinci tana ƙara shan ruwa, don haka kada a bar kwatarniyarta a bushe.

Wace dabba ce ba a ba wa?

Doki da jaki da kaji da zomo ba sa cikin wannan lissafi, domin ba su da tumbin da zai juya naitirojin ɗin ya zama furotin. Haka ma maraƙi ko ɗan rago da tumbinsa bai gama ƙosawa ba. A jira maraƙi ya kai wata shida yana tuƙa sosai. Dabbar da ta kwana biyu ba ta ci ba, ko wadda ta dawo daga doguwar tafiya da yunwa, a fara cika mata ciki da abincin da ta saba. Saniya mai ciki da mai shayarwa suna iya ci, nono da naman dabbar kuma ba su da wata illa ga mutum, tun da naitirojin ɗin furotin yake zama a jikinta.

Ana cewa yuriya tana kashe dabbobi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Idan dabba ta ci yuriya tsantsa ko ta sha ruwanta, yuriyar takan juye ta zama amoniya a tumbi cikin sauri fiye da yadda hanta za ta iya kawarwa, sai ta shiga jini. Cikin minti 20 zuwa awa ɗaya za a ga dabbar tana karkarwa, yawu na dalala, numfashi na sauri, ciki ya kumbura, tana tangaɗi, daga nan ta faɗi tana shure-shure, kuma tana iya mutuwa cikin 'yan awoyi.

Sai dai a lura da inda haɗarin yake. Bambaron da ya cika kwanakinsa a rufe ya kuma sha iska ba shi ne ke kisa ba, domin yuriyar cikinsa ta riga ta juye. Abin da ke kisa shi ne buhun taki da aka bari a buɗe akuya ta sa baki, ko bokitin ruwan yuriya da aka ajiye ranar aiki saniya mai ƙishirwa ta zo ta kafa kai, ko ruwan da ya taru a gindin rami, ko bambaron da aka buɗe tun bai nuna ba. Saboda haka ranar da ake aikin a ɗaure dabbobi nesa, a wanke bokitai da jarkoki bayan an gama, a kuma kulle sauran takin a ɗaki.

Idan abin ya faru, a kira likitan dabbobi nan take, kafin ya iso kuma a ɗura wa dabbar ruwan kal na girki, wanda ake kira binega, domin tsaminsa yana hana amoniyar shiga jini. Babbar saniya ana ba ta lita 2 zuwa 4 ko fiye, tunkiya ko akuya rabin lita zuwa lita ɗaya, a bi da ruwan sanyi mai yawa. A ɗura a hankali don kada ya bi ta hanyar numfashi. Duk wanda zai fara wannan aiki ya tanadi ruwan kal a gida tun kafin ya buɗe buhun taki, domin a ƙauye ba a samun sa a lokacin da ake nema. Shi ma mai aikin ya kiyaye kansa: kada ya cusa fuska a rami lokacin buɗewa, kada kuma a buɗe rumbu ko ɗaki a shiga kafin iska ta ratsa.

Me zai hana a yayyafa ruwan yuriya a kan kara a ba dabba nan take, ba tare da wahalar rami ba?

Ana yin haka a wasu wurare, da yuriya kaɗan ƙwarai, kamar kilo 1 ga kilo 100 na kara, amma wannan wani aiki ne dabam. Yana ba halittun tumbi naitirojin, sai dai ba ya sassauta zaren, ba ya kuma tausasa karan. Haɗarinsa ma ya fi yawa, tun da yuriyar tana shiga tumbi yadda take, kuma ƙaramin kuskure a awo ko a yayyafi yana iya kayar da dabba. Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne a ɗauki awon rami, wato kilo 5, a yayyafa a ba dabba a ranar.

Shin sarrafaffen bambaro kaɗai ya isa a yi kiwon turke?

Bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa suke karaya, domin an sa musu ran abin da ba zai yiwu ba. Abin da sarrafaffen bambaro ke yi shi kaɗai shi ne ya tsayar da rama, wataƙila da ɗan ƙarin nauyi. Ga shanun huɗa da shanun da ake son su tsallake bazara, wannan babban abu ne. Amma ragon layya ko san da ake turkewa don kasuwa ko saniyar tatsa suna buƙatar ƙari: dusar masara ko ta alkama don ƙarfi, da abin da ke da furotin na gaske kamar anguryar auduga ko tunkuzar gyaɗa, da ɗan harawa ko ɗanyen ganye. Ga sa mai kilo 300, kilo ɗaya zuwa biyu na haɗin dusa da angurya a yini, tare da damin harawa ƙarami, yana sauya sakamakon sosai, kuma ribar wannan ƙarin ta fi fitowa a kan sarrafaffen bambaro fiye da a kan wanda ba a taɓa ba.

Bambaro ba shi da isasshen fosfaras da salfa da bitamin A, yuriya kuma ba ta kawo ko ɗaya daga cikinsu. Halittun tumbi suna buƙatar salfa kafin su gina furotin daga naitirojin, shi ya sa gishirin lasa mai ma'adinai yake da muhimmanci a nan fiye da kullum. Ɗan koren ganye, ko na zogale ko na ɗorawa ko ragowar lambu, shi ke cike gurbin bitamin ɗin.

Da tsadar taki a yanzu, aikin yana biyan kuɗinsa kuwa?

Wannan tambaya ce da kowa zai amsa da farashin kasuwarsa, kuma akwai abin da ya kamata a sani kafin a yi lissafi. Kilo 5 na yuriya yana ɗauke da kilo 2.3 na naitirojin, amma abin da ke zama a jikin bambaron bayan an buɗe an sha iska bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, saura yana tafiya a iska. Ga kuɗin leda, ga ɗibar ruwa a lokacin da rijiyoyi suka ja baya, ga lada ko wahalar masu sara da tattaki. Waɗannan dalilai ne suka sa aikin, duk da an gwada shi a Bangaladash da Indiya tun shekarun 1980 an kuma tabbatar yana aiki, manoma da yawa suka bar shi bayan masu koyarwa sun tafi. Inda ya kafu sosai shi ne ƙasar Sin, a lardunan noman alkama irin su Henan, domin a can bambaro yana da yawa a kusa da gida, an haɗa shi da anguryar auduga, akwai kuma kasuwar nama da ke jiran shanun.

Lissafin da mai kiwo zai yi shi ne ya haɗa kuɗin buhun yuriya guda da leda da aiki, wanda zai ba shi tan ɗaya na sarrafaffen abinci, ya kwatanta da kuɗin harawar da za ta riƙe dabbobin nan na tsawon kwanakin nan a watan Afrilu, lokacin da harawa ta fi tsada. A wuraren noman shinkafa irin su Kadawa da Bakolori da fadamun Kebbi da gaɓar kogin Kwara a Nijar, inda bambaro ke tule bayan casa har wasu na cinna masa wuta, ruwa kuma yana kusa, lissafin yakan fito da riba. Ga makiyayin da ke yawo da garke mai yawa, ko mai sayen kara da tsada a gari yana kuma sayen ruwa a jarka, da wuya ya fito. Shi ya sa ya fi dacewa a keɓe sarrafaffen abincin ga dabbobin da za su dawo da kuɗin a kusa, wato shanun huɗa, saniyar da ake tatsa, da wanda aka turke don sayarwa. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da kilo 50 na bambaro a duro ko buhun leda, da yuriya kilo biyu da rabi da jarkar ruwa guda, ya ga launi da wari da yadda dabbobinsa suka karɓa, kafin ya haƙa rami.